Jaka 450 da Shawara Uku: Yadda Ɗan Ƙanwata Ya Auna Sana'a Kafin Ya Taɓa Jari

Mako biyu bayan ƙaramar salla, a tsakiyar bazara, ɗan ƙanwata ya same ni a shago cikin Kasuwar Dole da littafi a hannu. Ya gama jami'ar nan ta Damagaram, ya yi shekara biyu yana tsaron shagon caji da tura kuɗi na wani, ya tara abin da ya tara. Uwarsa ta ba shi kwasarta ta adashe, ya sayar da ragon da ya kiwata, aka haɗa kuɗi suka kai jaka 450. Ga wanda bai saba da lissafinmu ba, jaka ɗaya sefa 1,000 ce.

Shawara uku ya zo da su. Ta farko, wadda ya fi so har muryarsa na rawa in yana faɗinta, ita ce kai gas gida: mace ta aiko saƙo ta waya, ya zo a babur ya ɗauki tukunya, ya cika, ya dawo da ita. Ta biyu, ya sayi firiza ya riƙa yin ƙanƙara. Ta uku kuwa, wadda ya faɗa a ƙarshe kamar mai jin kunya, ya riƙa dakon ruwa da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kowace ɗaya cikin ukun tana iya cinye kuɗin gaba ɗaya, don haka dole a zaɓi guda.

Ya ce, "Kawu, ni dai na riga na tambayi mutane. Kowa ya ce ta gas ɗin ta yi."

Na ce su wa ya tambaya. Ya lissafa: abokansa na fada, inda suke shan shayi da dare, da gwaggonsa, da wani tsohon malaminsa. Na ce me ya ce musu. Ya ce ya ba su labarin sana'ar ne, ya ce ya suka gani. Suka ce ma sha Allah, Allah ya sa albarka, ai da ma abin da garin nan ya rasa ke nan.

Ban yi dariya ba, domin ni ma an taɓa yi mini wannan addu'ar. Shekarun baya na sa injin niƙa a wata unguwa bisa yabon mutane, ashe akwai injina biyu a bayan layin, kuma matan da suka ce mini "da kai za mu riƙa yi" ba su fasa kai wa wanda suka saba da shi ba. Ba ƙarya suka yi mini ba. Kara ce. Bahaushe ba ya kallon idon yaron da ya zo da murna ya ce masa shawararsa ba ta da kai. In ka tambayi mutumin Damagaram ra'ayinsa a kan sana'ar da kake son farawa, amsar da zai ba ka ta zumunci ce, ba ta ciniki ba, kuma kowace shawara cikin ukun nan da ya kai musu, irin albarkar da za su sa mata ke nan. Abin da yake ba kowa maki ɗaya kuwa ba zai raba maka gardama ba.

Na ce masa ya ba ni kwana goma sha biyu kafin ya kashe ko dala.

Abin da muka rubuta kafin ya fita

A daren nan muka zauna da littafinsa. Ga kowace shawara muka nemi zato guda ɗaya wanda in ya faɗi, sauran duka sun faɗi. Na gas shi ne cewa kai tukunya wurin cikawa yana damun mutane har suna biyan wani ya yi musu. Na ƙanƙara, cewa akwai masu saye kullum waɗanda ba sa samun isasshiya. Na ruwa, cewa akwai masu buƙatar ruwa da yawa a lokaci tsayayye, kuma za su biya hannu da hannu.

Sai muka kafa sharaɗi, kuma na nace a rubuta shi tun kafin a ji bakin kowa. Ga kowace shawara zai ga mutum biyar zuwa bakwai. In ba a samu aƙalla uku da suka fitar da kuɗi a kan wannan matsalar cikin watan da ya wuce ba, an ajiye shawarar. In an samu, sai a nemi biyu da za su ba da wani abu mai nauyi: kafin alƙalami, ko rana da sa'a tsayayyu, ko su haɗa shi da wani da bakinsu. Dalilin rubutawa tun farko shi ne na san halin zuciya. In ka bari sai ka ji amsoshi sannan ka yanke ma'auni, za ka yanka shi daidai wuyan shawarar da kake so.

Ƙa'idojin hirar ba su da yawa. Ba dangi, ba abokan fada. Ba zai faɗi sana'ar da yake nufi ba sai a ƙarshe, in ma ya zama dole. Kuma ba zai yi tambayar da ta fara da "da a ce" ko "za ki so" ba. Duk tambaya ta koma baya: yaushe ne rabonki da yin kaza, wa ya yi miki, nawa kika ba shi, me ya faru ranar da aka rasa. Mutum yana iya yi maka kara a kan gobe, amma da wuya ya ƙirƙiro maka abin da ya biya ranar Talatar da ta wuce. In ya fito daga wurin mutum, sai ya tsaya a inuwa ya rubuta abin da aka faɗa nan take, ba a gaban mutumin ba, don alƙalami da takarda suna sa mutane su ɗauka ma'aikacin haraji ne ko na wata ƙungiya mai rabon tallafi, sai labari ya canza.

Gas

Nan da nan aka ci karo da matsalar farko. Masu girki mata ne, kuma saurayi ba ya kutsa kai gidan matan aure ya zauna yana tambayar yadda ake dafa tuwo. Ƙanwarsa ce ta shiga gidaje shida a Birni da Sabon Gari da Garin Malam, da sunan tana son sayen tukunyar gas tana neman shawara, wanda kuma gaskiya ne, tana so. Shi kuma ya tare magidanta a ƙofar gida.

Hirarsa ta farko ta lalace. Bai kai minti biyar ba bakinsa ya kuɓuce ya faɗi sana'ar, mutumin ya ce, "Wallahi da ni za ka fara, karɓi lambata." Ya dawo yana murna. Na ce ya soke ta, ba ta cikin lissafi. Bai ji daɗi ba. Bayan kwana goma na sa ya kira mutumin ya ce ga shi zai zo ɗaukar tukunya, sai aka ce masa ai yaro ya kai jiya.

Abin da ƙanwar ta kawo ya fi amfani. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, gas ya shiga gidaje da yawa a garin nan, wannan ba gardama. Amma cikin gidaje shidan, huɗu ne ke amfani da shi, kuma duk huɗun suna haɗawa da gawayi ko itace: shayi da ɗumame da miya a kan gas, tuwo da wake a murhu. Don haka ƙaramar tukunya mai kilo 6 takan kai musu mako uku zuwa wata guda. In ta ƙare, a gida biyu maigida ne ke ɗaure ta a bayan babur in zai fita, a gida ɗaya almajirin gidan ke ɗauka, kuma ladansa abincin da ake ba shi ne da ma. Gida ɗaya tak ke ba ɗan kabu-kabu sefa 300.

Wata a cikinsu ta faɗi abin da bai taɓa zuwa kansa ba. Ta ce ita ba ta ba baƙo tukunyarta, don an taɓa canza wa maƙwabciyarta sabuwa da tsohuwa mai yoyo, kuma wa zai tabbatar mata an cika ta? Kukan da duka huɗun suka yi iri ɗaya ne, kuma ba na dako ba ne: lokacin da gas ya yi wuya a gari, a zaga wuri uku huɗu ba a samu ba. Wannan kuwa babur ɗinsa ba zai warware shi ba.

Mutum ɗaya cikin shida, sharaɗi ya ce uku. Duk da haka ya so ya yi gardama, sai na ce mu yi lissafi da alkaluman da suka fi yi masa daɗi. A ce kowane gida zai biya sefa 300, sau ɗaya a wata. Don ya samu jaka 3 a rana, kafin a cire mai, yana buƙatar kai tukunya goma kullum, wato gidaje 300 da suka amince da shi. Ya daɗe yana kallon lambar nan. Shi da kansa ya ja layi a kan shafin.

Ƙanƙara

A nan ni ne na kusa faɗawa rami, don ita ce nake so. Ya ga mutum biyar: mata biyu masu zoɓo da kunun aya, mai fura a tasha, mai sayar da ruwan sanyi, da mai kifi. Duka biyar sun sayi ƙanƙara a makon da ya wuce, daga ta sefa 500 zuwa ta jaka guda a rana. Duka biyar sun ce akwai ranakun da suka nema suka rasa. Biyar cikin biyar! Na ce masa shi ke nan, mu je mu duba firiza.

Yaron ne ya tsayar da ni. Ya ce, "Kawu, ai kai ka ce a tambayi abin da ya faru ranar da aka rasa." Ya koma wurin uku daga cikinsu da tambaya biyu. Ta farko, ranar da kika rasa, me ya sa? Amsa ɗaya: ba wuta. Wutar wannan yanki ta daɗe tana dogara da wadda ake jawowa daga Nijeriya, kuma duk wanda yake garin nan a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulki, ya san yadda abin yake in ta tafi. Ko ba wannan ba, da bazara ɗaukewa take yawaita. Ranar da akwai wuta, kusan kowane layi akwai gidan da ke sayar da ƙanƙara a leda, kuma arha take. Ranar da babu, farashi ya tashi, amma firizarsa ma a kashe za ta kasance kamar ta kowa. Wato ranar da ake nemansa ba shi da kaya, ranar da yake da kaya ba a nemansa. Mafita ita ce sola da batura masu iya riƙe firiza, ko janareta da man da zai sha, kuma da ya tambayi masu haɗa sola sai ya tarar jarinsa ba zai ɗauki wannan tare da firizar ba.

Tambaya ta biyu ita ce, a watan Janairu ta nawa kike saye? Mai kunun aya ta yi dariya ta ce da sanyi ai koko take yi. Mai kifi ne kaɗai ke saye duk shekara. Mun yi hirar nan ne ana fama da zafi, azumi bai daɗe da wucewa ba, kowa yana tuna layin ƙanƙara kafin shan ruwa. Da a cikin hunturu aka yi ta, da amsoshin sun sha bamban. Sharaɗinmu bai hango wannan ba, don ya ce "cikin watan da ya wuce" ne kawai. Tun daga ranar na ƙara wa tambayoyina guda ɗaya: wata shida baya fa?

Ba mu soke ƙanƙara ba, mun ajiye ta gefe. Buƙatar gaskiya ce, sai dai ba mai jaka 450 ne zai biya ta ba.

Ruwa

Ba sai an gaya wa mutumin Damagaram labarin ruwa ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma har ana sa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Saboda haka haɗarin wannan shawarar daban yake: kowa zai yi maka kukan ruwa na sa'a guda, sai ka ɗauka kowa mai saye ne.

Gidaje uku aka fara gani, kuma su suka fi kowa ɗaga murya. Amma da aka bi diddigi, kowane gida yana da ɗan ga-ruwansa da ya shekara yana kawo musu bido huɗu zuwa shida, wato jarkokin ruwa, a kura. Biyu daga ciki sai ƙarshen mako suke biya, ɗaya sai an yi albashi. Sun biya kuɗi, ƙwarai, amma ba su da dalilin barin mutumin da yake ɗaga musu ƙafa, kuma bido biyar biyar a lunguna ba aikin babur mai ƙafa uku ba ne.

Labari ya canza a wurin wani mai wanki da guga a Zango. Yaron ya kai masa riguna biyu, ya zauna a benci, aka gaisa, sannan ya ce, "Malam, ya kuke yi da ruwa a zafin nan?"

Mutumin ya ajiye dutsen guga. Ya ce bido ashirin yake buƙata kullum, kuma da sassafe, don in bai shanya kafin hantsi ba, ba zai goge ranar ba. Ɗan ga-ruwa kura ɗaya yake kawowa, bido goma, ta biyun sai azahar, wani lokaci ba ta zuwa.

"Yaushe ne na ƙarshe da ba ta zo ba?"

"Ran Laraba."

"To ya kuka yi?"

"Na aiki yara biyu da babur, suka sayo a sefa 200 kowane bido, ga kuɗin mai. Kuma kayan wani Alhaji na Juma'a ba su samu ba, ya aiko aka kwashe, har yau bai sake kawowa ba."

Da ya karanta mini wannan a littafin, na ce masa ga bambancin nan. Mutumin bai ce masa shawararka ta yi kyau ba, bai ma san akwai shawara ba. Ya faɗi rana, ya faɗi kuɗi, ya faɗi abin da ya rasa, kuma ya riga ya gwada wata hanya mai tsada. Irin wannan labarin ya maimaitu a wurin mai tuwo-tuwo, da mai wankin babura da motoci, da mai buga bulo da ke buƙatar bido arba'in don kwaɓi da ban ruwa. Huɗu cikin huɗu na masu sana'a.

Sai a nan ya koma ya faɗi abin da yake nufi, kuma ba da "za ku so" ba. Ya ce daga Asabar zai gwada kawo ruwa na mako guda, bido a sefa 125, kafin ƙarfe bakwai ga mai wanki, a biya kullum. Mai wanki ya ciro jaka guda ya ba shi kafin alƙalami. Mai tuwo ta ce ba ta biya sai ta ga ruwa, amma ta tashi da kanta ta kai shi wurin wata 'yar uwar sana'arta a bayan layi, ta ce, "Ga yaron da zai riƙa kawo mana." Mai wankin babura ya tsayar da sa'a. Mai bulo ma ya yarda, sai dai na ce kada a ƙidaya shi cikin shaidu, don ya san ni tun muna yara, kuma ba zan iya raba ciniki da kara a bakinsa ba. Ko ba shi, sharaɗi ya cika.

Mutum na ƙarshe da ya gani shi ne ɗan ga-ruwan da ke kai wa mai wankin. Na tura shi ne don kada a fara sana'a da gaba, kuma don babu wanda ya san aikin kamarsa. Ashe ma ba ya son manyan oda, gidaje sun fi masa, sun fi kusa kuma suna ba shi abinci. Amma ya faɗi wata magana: "Ba turin ke ci mini rana ba, layi ne." Yaron ya rubuta ta. Ni da shi muka karanta, muka wuce. Da mun tsaya a kanta, da mun huta da wahalar ranar farko.

Hirarraki goma sha takwas da wannan ƙarin guda, cikin kwana goma sha biyu. Abin da aka kashe a kabu-kabu da goro da wankin riguna bai wuce jaka 7 ba.

Makon gwaji

Ya so ya sayi tsohon babur nan take. Na hana. Aka samu na haya a jaka 4 a rana, aka ɗauki yaro mai taimakon sauke kaya a jaka guda, aka sayi tsofaffin biduna 40 a jaka 20, don a riƙa ajiye cikakku ana kwashe wofi.

Lissafin a takarda haka yake. Babur yana ɗaukar bido 20 masu lita 25, wato nauyin ruwa kilo 500. Odar da ke hannu bido 100 ce a rana: 40 na mai bulo, 20 na mai wanki, 20 na mai wankin babura, goma goma na masu tuwo biyu. Sawu biyar ke nan. Kowane sawu yana kawo sefa 2,500, a cire 500 na ruwa a famfo, a cire kamar 300 na mai, saura 1,700. Sawu biyar 8,500, a cire haya da ladan yaro, ya tashi da 3,500.

Ranar Asabar sawu uku ya samu. Ya isa famfo da asuba ya tarar da biduna a jere tun dare, kuma mai bido ashirin ba ya tsallake matan da ke riƙe da guda biyu. Ruwan mai wanki sai ƙarfe tara ya isa. Sawu uku 5,100 ne, a cire jaka 5, ribar yini sefa 100. Ya dawo da magariba ko gaisuwa da ƙyar.

Na ce masa abin da ya rushe ba zaton da muka gwada ba ne. Masu saye suna nan, sun biya. Akwai wani zato na biyu da ba mu rubuta ba, cewa ruwan zai samu a lokacin da ake so, kuma duk hirarrakinmu gefen masu saye suka kalla. Maganinsa kuma irin na farko ne, a je a yi hira. Washegari ya ga masu foraj biyu, wato rijiyar burtsatse. Na farko ya ce layi layi ne. Na biyun, da aka tambaye shi ƙarfe nawa yake buɗewa da kuma yaushe tankinsa ke cika, sai ya ce tanki a cike yake kwana, shi dai ba ya tashi kafin salla ne don babu wanda zai tashe shi a kan sefa 25. Aka daidaita a sefa 35 kowane bido, ɗansa ya riƙa buɗewa ƙarfe huɗu da rabi, kuma in babur ya dawo da rana a ba shi tiyo na gefe. Ribar sawu ta sauka zuwa 1,500, amma sawu biyar suka samu. Abin da ke saura a yini ya zama 2,500.

Ba kuɗi ba ne da za a yi shela a kansu, kuma aikin akwai ciwon baya. Amma alkalami ne da aka gani da ido, ba wanda aka zana a fada ba.

Akwai iyakar abin da irin wannan awon yake iya faɗa, kuma gara in faɗe ta da kaina. Mutum goma sha takwas ba su ne Damagaram ba. Sun isa su nuna cewa ta gas ba ta da ƙafa, don in da ciwon yana da yawa da an ci karo da shi a gida shida. Amma ba su isa su ce ta ruwa za ta ɗauki babur biyu ko uku ba, kuma unguwannin da aka zaga waɗanda ƙafarsa ta saba da su ne. Hirar ta fi ƙarfi wurin kashe shawara fiye da wurin tabbatar da ita. Shi ya sa na dage a kan haya, ko da yake a wata biyu kuɗin hayar sun kai jaka 240, abin da ya riƙa yi mini mita a kansa kusan kullum. A ganinsa asara ce. A ganina kuɗin da ya biya ne don ya iya fita ranar da ya so.

Ranar kuwa ta zo. Da damina ta sauka, mai bulo ya rage aiki, ɗan abin da yake yi kuma da ruwan tafki yake kwaɓawa. Bido 40 suka fita daga lissafi a dare ɗaya. Tambayar "wata shida baya fa?" da muka koya a wurin masu ƙanƙara, ba mu kai ta wurin mai bulo ba, don ni na ce kada a ƙidaya shi, sai aka daina yi masa tambaya gaba ɗaya. Wannan laifina ne. Saura sawu uku, 4,500, alhali haya da yaro jaka 5 ne. Ya yi kwana huɗu yana cika 500 daga aljihunsa, a na biyar ya mayar da babur. Mai wanki da masu tuwo ya haɗa su da wani mai babur da ke bin hanyar, da sharaɗin in ya dawo bayan damina odarsa ce.

Da muka zauna lissafi, jaka 27 ne suka fita daga jarin, na hira da na biduna, kuma ribar wata biyun, bayan an cire ranakun da babur ya lalace da waɗanda tanki bai cika ba, ta kai kusan jaka 110. Ya mayar wa uwarsa rabin kwasarta. Biduna 40 suna jere a zauren gidansu.

Shekaranjiya na hango shi da asuba a Zango, zaune a bakin wani gidan burodi da littafin nan a aljihu, yana taya mai gashi hira. Da yamma ya biyo shago ya ce gidajen burodi ba ruwansu da damina, kullum sai sun kwaɓa, kuma ya ga biyu, saura uku. Na ce nawa suke sha a rana. Ya ce ɗaya ya ce masa bido goma sha biyar, amma bai yarda ba tukuna, gobe zai koma da wuri ya ƙirga da kansa.